Majigina sama faɗi ƙasa tsuke, in na gyara kuma hoton ya dushe

Tambaya: Salam malam, na sayi majigi don kallon ƙwallo a falo, falon ƙafa 14 ne tsawo. Na ɗora shi kan santa tebur na tokare gabansa da littattafai don hoton ya hau bango, sai ya fito sama faɗi ƙasa tsuke. Na murza wani abu da aka rubuta Keystone ya miƙe, amma yanzu in tsakiya ta fito tas sai sama da ƙasa su yi dishi-dishi. Kuma ina son inci 120. Ko jabu aka sayar min?

Amsa: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce majigin ne ya lalace, littattafan nan da ka tokare shi da su su ne tushen matsalar. Hasken majigi yana buɗewa ne gwargwadon nisan da ya yi tafiya, to da ka ɗaga masa kai sai saman hoton ya fi ƙasan nisa da idon majigin, shi ya sa sama ta fi faɗi. Kuma ido ɗaya ba zai iya saita fokas a nisa biyu lokaci guda ba, dole in wani waje ya fito wani ya dushe.

Shi kuwa kiston da ka murza bai cire wannan karkatar ba, ɓoye ta kawai ya yi. A manyan majigai da ake danna shi da rimot, matse hoton yake yi ta ciki ya zubar da wasu ɗigogin, sai ka ga rubutun sakamakon wasa ya yi zago-zago, kuma in ka kashe fitila za ka hango wani haske toka-toka a gefen hoton wanda har yanzu yana nan a karkace. A ƙananan nan masu araha da ake murza wili a bayan ido, yawanci digiri 15 sama ko ƙasa, wani gilashi ne a ciki yake kwantarwa, su kam da ka murza shi da yawa fokas ɗin sama da ƙasa ya tafi kenan. Daga bayaninka ina kyautata zaton irinsu ne naka. Don haka kafin komai mayar da shi tsakiya, ka zare littattafan.

Yanzu maganar nisa. Kowane majigi yana da wata lamba da ake rubutawa Throw Ratio a takardarsa, ma'anarta nisa a raba da faɗin hoto. In takardar ta ɓata ko da Sinanci take, auna da kanka, ajiye shi mita 2 daidai daga bango, daga idon fa za ka fara awon ba daga bayansa ba, sai ka sa tef ka auna faɗin hoton. Mu ce ka samu santimita 133, to 200 a raba da 133 ya ba ka 1.5, kuma da yawansu a nan kusa suke faɗawa. Daga nan lissafin ɗaya ne:

```
nisa = faɗin hoto x Throw Ratio
```

Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ne kamar na talabijin, ba faɗi ba, nan mutane ke rikicewa. Inci 120 a hoto mai 16:9 faɗinsa santimita 266 ne, in ka ninka da 1.5 kana buƙatar kusan mita 4. Falonka ƙafa 14 wajen mita 4.3 kenan, amma jikin majigin zai ci wuri, wayoyin da ke bayansa su ci, sannan dole a bar masa sarari ya sha iska in ba haka ba ya riƙa zafi yana kashe kansa ana tsakiyar wasa. Cire rabin mita, saura 3.8. Ka ga in naka 1.5 ne, 120 ba za ta shiga ba. Inci 100 faɗinta 221, tsayinta kusan 125, nisanta mita 3.3, wannan ita ce taka. Kuma ni ko da wurin ya isa ba zan ba ka shawarar 120 da ƙaramin majigi ba, don filin ya fi na 100 da kashi 44 cikin ɗari alhali hasken shi ne dai bai ƙaru ba, wasan la'asar sai ka rufe duk tagogi kafin ka gane wa ke riƙe da ƙwallo.

Sai tsayi, wanda shi ne ainihin maganin ciwonka. Ajiye majigin a miƙe kan tebur ba tokari, ka kunna ka duba inda hoton ya faɗa. In rabinsa ya faɗa ƙasa da saitin idon har ya zubo kan kafet, to naka mai harbawa tsakiya ne, dole idonsa ya yi saiti da tsakiyar allo. Misali kana son ƙasan hoton ya fara santimita 80 daga ƙasa, ƙara rabin 125, idon zai zauna wajen santimita 142, sai kafinta ya yi maka ɗan dogon teburi daidai wannan tsayin a ajiye tsakanin kujeru. Masu zama a gabansa kuma su koma gefe ko su sauka ƙasa, in ba haka ba kawunansu za ku kalla. In kuwa hoton ya tashi daga saitin idon ya yi sama, to irin manyan ne, su ƙaramin tebur ya ishe su, ko a kife su a silin a shiga menu wajen Projection a zaɓi Front/Ceiling don hoton ya juyo daidai. Amma a kula da fanka, kar fikafikanta su ratsa hasken, kuma kar a ɗaure shi a katako ɗaya da ita, hoton zai yi ta rawa.

Hagu da dama ma haka, idon ya kalli tsakiyar allon, idon fa, don yawanci a gefe yake ba a tsakiyar jikin ba. Ka'idar mai sauƙi ce, duk gefen da ya fi girma shi ya fi nisa, sai ka juya fuskar majigin a hankali zuwa gefen da ya tsuke har su daidaita. Auna faɗin sama da na ƙasa da tef, kar ka yarda da idonka.

Fokas shi ne na kusa da ƙarshe. Bar shi ya yi kamar minti 15 yana aiki tukuna saboda gilasan ciki suna ɗan motsawa in sun ɗau zafi, shi ya sa wani zai saita tas bayan an jima ya ga ya goce. Kar ka saita da bidiyo, buɗe menu ko Test Pattern in yana da shi, ka sa yaro ya tsaya daf da bango kana murzawa har ya ce yana ganin ƙananan ɗigogin ɗaya bayan ɗaya. In yana da zum, fara gama girman hoton kafin fokas, don taɓa zum yana ɓata shi. Masu arahar nan ko ka yi komai daidai kusurwoyi ba sa fitowa kamar tsakiya, to saita a wani rubutu da ke tsakanin tsakiya da kusurwa, a raba asarar.

Bayan duk wannan in saura 'yar karkata ta santimita ɗaya ko biyu, nan ne za ka ɗan taɓa kiston kaɗan. In kuma majigin yana miƙe, awon sama da ƙasa ya zo ɗaya, kiston yana tsakiya, amma gefe ɗaya ya ƙi fitowa ko ya ka murza, duba bangon ko ƙyallen ko yana da ciki, gwada a wani bangon. In ya sake yi a gefen nan dai, wani abu ne ya goce a cikinsa, mayar wa mai shago da wuri ka nuna masa a gabansa.