Aurena ya mutu, ina kuka a ɓoye: ko na samu matsala ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne a Tawa, shekaruna 39, ina da shagon kayan moto. Wata huɗu ke nan da muka rabu da matata bayan shekara goma sha ɗaya, ta gama idda, tana gidansu da ƴaƴanmu uku. Ni na furta sakin da bakina. A fada ina dariya kamar kowa, amma in na shiga makewayi sai in saki famfo in yi kuka. Ƙarfe uku na dare nake farkawa, abinci ba ya shiga. Na taɓa ɗan gaya wa yayana, ya ce "mata sun ƙare ne?" Shin rashin tawakkali ne ko kaina ne ya fara taɓuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanyaya maka zuciya. Kanka bai taɓu ba, kuma hawayen ba su ne suka fi damuna a wasiƙarka ba. Barcin da abincin ne, zan zo kansu.

Mu Hausawa da bakinmu muke cewa aure ya mutu. Amma in mutum ya rasu ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi kwana uku ana zuwa gaisuwa, kowa ya san dalilin da ya sa idon mai gida ya yi ja. In aure ne ya mutu ba wanda ke shimfiɗa tabarma. Mace ko ba komai tana da idda, tana da ɗakin uwarta, ƙawayenta na zuwa su zauna da ita har ta yi kukanta a gabansu. Namiji kuwa washegari ake jiran ya buɗe shago. In kuma shi ya yi sakin, sai a ga kamar ba shi da bakin cewa yana jin ciwo. Alhali abin da ya fita daga hannunka ba mace kaɗai ba ce. Hayaniyar yara da safe ta tafi, da kwanon da ake ajiye maka, da wanda za ka gaya wa yadda kasuwa ta kasance, har da sunan mai iyali da ake kallonka da shi a unguwa. Wanda ya rasa waɗannan a rana ɗaya dole ya yi makoki, ko da hannunsa ne ya jawo.

Game da tawakkali, ni ba malamin addini ba ne, amma akwai labarin da nake son kowane namiji mai irin halinka ya sani, yana cikin Bukhari. Wata baiwa mai suna Barira ta samu ƴanci, sai ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis. Aka riƙa ganin Mugis yana bin bayanta a Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah (SAW) bai ce masa ya yi ta maza ba. Barira ya yi wa magana ko za ta koma, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa. Auren bai dawo ba, kuma ba wanda ya ce imanin Mugis ya ragu. Shi kansa Manzon Allah idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Haƙuri yana kan abin da harshe ya furta da abin da hannu ya aikata.

Yanzu ga abin da ɓoyon ke yi wa jiki. In mutum ya danne abin da ke ransa, ya ɗaure fuska ya yi dariyar dole, baƙin cikin ba ya raguwa. Fuskar ce kawai ke rufewa, jiki kuwa yana ƙara aiki: bugun zuciya da jijiyoyi suna zama a ɗaure kamar na wanda ke jiran faɗa. Yi wannan daga buɗe shago har tashi daga fada, kullum, wata huɗu. Shi ya sa maza da yawa ba sa zuwa wurinmu da kalmar baƙin ciki. Suna zuwa da ciwon kai ta ƙeya, da nauyi a ƙirji, da zafin ciki, da saurin fushi a kan yaron shago.

Na tuna wani direba da aka turo mini a nan Yamai. Sau uku yana zuwa likita da ciwon ƙirji, an auna tansiyo, an duba zuciya, ba a ga komai ba. Ya sha maganin olsa har ya gaji. Da na tambaye shi yaushe ciwon ya fara, ya ce bayan ƙaramar salla. Na ce me ya faru a lokacin, ya yi shiru, sannan ya ce "ba komai, iyali ne suka tafi." Wata bakwai bai faɗa wa kowa ba, fasinja ma cewa yake madam ta je ganin gida. Ranar ya yi kusan rabin awa yana kuka a gabana, yana ta ba ni haƙuri. Ya rame, wandonsa sai da ya ƙara huda a bel, ya kuma fara shan tiramol don ya iya tuƙi bayan daren da bai runtsa ba. Nasa ya riga ya wuce makoki ya zama ciwon damuwa, sai da muka haɗa da magani. Barcinsa ne ya fara daidaita, a wajen sati na uku, ciwon ƙirjin ya bi baya.

To ta yaya za ka gane a ina kake? Makoki yana zuwa yana tafiya. Ka ga takalmin ƙaramar ƴarka a bayan ƙofa, abin ya taso maka, ka yi kuka, bayan awa ɗaya ka iya cin tuwo, wani ya yi barkwanci ka yi dariyar gaske. Ciwon damuwa ba ya ɗagawa haka. Muna zarginsa in mutum ya yi aƙalla sati biyu, kusan kullum, kusan duk yini, ransa a jagule ko kuma ba abin da ke masa daɗi, har abubuwan da yake so a da. Sai a ga barci ya lalace, musamman irin farkawar tsakar dare da ba a komawa, cin abinci ya ragu har an rame, ga kasala, lissafin shago na kuɓuce masa, yana ganin kansa ba shi da amfani a duniya. Biyu daga cikin waɗannan ka riga ka ambata, kuma wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Saboda haka shawarata ka je a duba ka cikin wannan satin. Fara da likitar unguwarku ko babban asibitin Tawa, kuma kada ka tsaya a "ba na barci." Ka ce aurenka ya mutu wata huɗu da suka wuce, tun lokacin kake haka. Wannan jumlar ita ke canza irin tambayoyin da majo ko likita zai yi maka. In sun ga ya kamata, za su tura ka wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na san yadda mutane ke jin tsoron wannan sunan, amma da yawa daga cikin waɗanda muke gani da ƙafarsu suke zuwa, su koma bakin aikinsu a ranar.

In an rubuta maka maganin damuwa, ka sani ba ya aiki kamar na ciwon kai. Yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin ka fara jin bambanci, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi, ba a yankewa kai tsaye. Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne ƙwayoyin barci da tiramol na masu talla a tire. Suna rufe ciwon na dare ɗaya, su bar ka da sabon ciwo.

Akwai tambayar da ba na tsallakewa. In tunanin gara ka mutu ka huta yana zo maka, ko ka fara tunanin yadda za ka cutar da kanka, wannan ba na jiran sati ba ne. A ranar za ka gaya wa wani na kusa, ya raka ka asibiti, kuma a kawar da maganin ƙwari da duk abin da ka san zuciyarka na kai ka gare shi.

Batun kukan kuwa, ba na ce ka je fada ka fashe da shi a gaban masu shayi ba. Na san garin da kake, na san abin da zai biyo baya. Sutura abu ne mai kyau. Abin da ke cutarwa shi ne a ce duk duniya ba mutum ɗaya da ya san halin da kake ciki. Nemi mutum ɗaya. Ba lallai yayanka ba, wataƙila shi ma abin da aka gaya masa ke nan a ranar da ya shiga tasa damuwar. Duba wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko aminin ƙuruciya, ko kawu mai riƙe sirri, ko gwaggon da ta goya ka. Ka same shi shi kaɗai, ka share masa hanya tun farko: "Ba shawara nake nema ba, kuma ba sulhu nake so ka yi ba, so nake ka ji ni." Mutanenmu suna gaggawar ba da shawara ne don ba su san me za su yi da hawayen namiji ba. In ka gaya musu aikinsu saurare ne, da yawa suna iyawa.

Ka kuma ba kukan lokacinsa a ɗakinka, ba tare da famfo ba. Bayan isha'i, ko a sujada, minti ashirin ko talatin, ka bar shi ya zo, sannan ka wanke fuska ka ci wani abu ko da fura ce. Wanda ya san yana da wurin da zai sauke da dare ya fi iya riƙe kansa da rana. Shayi na fada kuma ka tsaya a na la'asar, don na dare yana cikin masu korar barcin da ya rage maka.

Za a matsa maka ka yi sabon aure, a ce shi ne magani. Ka dakata tukuna. Na ga amare da yawa da aka kawo su gidan da mai shi bai gama makoki ba, suka biya bashin da ba su ci ba. Haka ma in zuciyarka na son kome, malamai ne za su gaya maka abin da ya halatta gwargwadon sakin da ka yi, amma kada ka yanke wannan shawarar da ƙarfe uku na dare.

Yaran kuma kada ka bari kunyar surukai ta raba ka da su. Sa rana tsayayya, ko Juma'a bayan masallaci, ka je ko a kawo maka su, ka kai abin cefanensu da hannunka maimakon aike. In babban ya tambaye ka me ya sa idonka ya yi ja, kana iya ce masa ka yi kewarsu ne.