Sanarwar ɗauke ruwa ga 'yan haya

"Zan rufe ruwa a gidan hayata a Garwa ta Kamaru don gyaran tanki. Me zan rubuta wa mutanen gidan?"

Alhaji, ka sa rana da kwanan wata da ƙarfe nawa, kada ka rubuta "gobe", domin takardar za ta kwana a bango. Misali: "Ba ruwa daga Talata 7 ga Afrilu, ƙarfe 7 na safe, zuwa Laraba 8, ƙarfe 6 na yamma." In mai gyara ya ce zai gama da azahar, kai rubuta magariba, ni dai ban taɓa ganin wanda ya gama a kan lokaci ba.

Inda za a samu ruwa shi ne abin da aka fi mantawa. Ka faɗi rijiyar burtsatsen da za a ɗiba da wanda zai biya mai kura. A zafin Afrilu, ɗaki mai mutum biyar ya tanadi jarka mai lita 20 guda goma tun daren Litinin, wato lita 20 ga kowa a rana.

Ka ƙara cewa kowa ya rufe famfonsa, kada ruwa ya dawo ya malale ɗaki ba kowa. Na farkon yakan fito da laka, a bar shi ya zuba har ya washe.

Manna ta a zaure kwana uku kafin ranar, da Hausa da Faransanci, ka kuma faɗa da baki da Fulatanci.