Kyamarar DSLR a taron Zoom

Tambaya: "Ina da Canon DSLR a nan Sakkwato, ina koyar da ɗalibai ta Zoom. Yaya zan haɗa ta da kwamfuta?"

Malam, kada ka sayi komai tukuna. Canon na da manhajar EOS Webcam Utility. Duba ko samfurin kyamararka na cikin jerinta. In yana ciki, saka manhajar, ka haɗa wayar USB, ka juya kyamarar zuwa yanayin bidiyo, sannan ka zaɓi EOS Webcam Utility a jerin kyamarorin Zoom. In hoto ya ƙi fitowa, rufe EOS Utility ka kashe Wi-Fi na kyamarar, yawanci su ne ke tare hanya. Murya ba ta bin wannan wayar, sai ka nemi makirufo daban.

Na'urar kama hoto ta HDMI ta fi fitar da hoto tas, amma gwada kafin ka kashe kuɗi. Jona kyamarar da talabijin. In ka ga lambobi da akwatin fokas a allo kuma maɓallin INFO bai kawar da su ba, haka ɗalibanka za su gan su a fuskarka.

Ni abin da ya fi damuna zafinmu ne. A watan Afrilu kyamarata ta ɗauki zafi ta mutu ana tsakar darasi. Yanzu ina buɗe allon bayanta, in kafa mata fanka, in kashe Auto power off, kuma ina amfani da batirin da ake jonawa da wuta, ta kan inbata, saboda ɗauke wutar nan tamu.