Yadda za a fito da bukata da kasafin kudi a takardar neman tallafi

"Takardar neman tallafin gyaran rijiyoyin burtsatse da kungiyarmu ta rubuta ta kai shafi 40, kuma kasafin kudin yana shafi na 34. Yaya zan sake jera ta?"

Da farko ki duba ko masu ba da tallafin sun kayyade jerin sassan, domin idan sun kayyade, sauya shi yana iya sa a ajiye takardar tun kafin a karanta ta.

Idan ba su kayyade ba, ki bude da takaitaccen bayani na shafi daya wanda zai fadi rijiyoyi nawa ne suka lalace, mutum nawa suka dogara da su, da jimillar kudin da kuke nema. Bayanin bukata ya biyo baya nan take, sannan ayyukan da za a yi, sannan kasafin kudi a takaice cikin jadawali guda, yadda mai dubawa zai ga kowane kudi kusa da aikin da zai biya kafin ya wuce shafi na 10. Tarihin kungiya, wanda na san yana da wuya a janye shi daga gaba saboda kaunar da kuke yi masa, ya koma baya tare da cikakken lissafin farashin famfo da bututu.

Bayan sauyin, ki bi duk inda aka rubuta "duba shafi kaza" ki gyara, ki kuma tabbatar jimillar da ke shafin farko ta yi daidai da ta jadawalin. Daga nan ki ba wanda bai san aikin ba minti biyu ya nemo bukatar da kudin. Idan ya kasa, da sauran gyara.