Karanta imel da baki, da karanta shi daga ƙarshe

"Kawu, na lura ba ka tura imel sai ka karanta shi a fili, wani lokaci ma sai in ga kana bin sa daga ƙarshe zuwa farko. Al'ada ce kawai ta mutanen da, ko kuwa akwai abin da take kamawa wanda jan layin kwamfuta ba ya gani?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abin da ya sa shi ne, idon mai rubutu ba ya karanta abin da ke kan allo, abin da ya yi niyyar rubutawa yake karantawa. Kai ka tsara jimlar, ka san inda za ta ƙare, don haka da ido ya ga farkonta sai zuciya ta ƙarasa sauran. Hanyoyin nan biyu duk dabara ce ta hana ido gudu, amma kowace da irin kuskuren da take kamawa.

Ka ɗauka ka rubuta wa shugabanka wannan: "Ina sanar da ku cewa zan samu damar halartar taron ranar Talata ba, saboda an dage tafiyata zuwa zuwa ranar 12 ga wata. Na haɗa da rahton." Kurakurai huɗu ne a ciki, kuma mai sauri zai iya wuce su duka.

Fara da baki. Ka furta kowace kalma a hankali, da muryar da kunnenka zai ji, kana bin ta da yatsa ko kibiyar allo. Da ka iso "Talata ba" harshenka zai yi tuntuɓe, domin wannan "ba" ɗin tana neman 'yar'uwarta ta farko, wadda ta faɗi kafin "zan samu". Wannan shi ne mafi haɗari a cikin huɗun, tunda mai karatu cikin gaggawa zai ɗauka kana zuwa. Haka kuma "zuwa zuwa" ba za ta wuce kunne ba, alhali ido yana yawan tsallake kalmar da ta maimaitu, musamman idan ɗaya tana ƙarshen layi ɗaya kuma tana farkon na gaba. Inda numfashinka ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, nan ma ka sa aya ka raba ta biyu. Idan kana cikin mutane, raɗa ma ta isa, muddin leɓe na motsi.

Sai dai baki yana da nasa ha'incin. Zai furta "rahoton" daidai ko da "rahton" ne a rubuce, zai kuma ce "ɗage" alhali "dage" ka buga. A nan karatu daga ƙarshe yake shigowa. Ka fara daga kalmar ƙarshe ka yi baya, ɗaya bayan ɗaya: rahton, da, haɗa, Na. Yanzu babu ma'anar da za ta ja ka gaba, kowace kalma ta tsaya ita kaɗai, sai ka ga harafin da ya faɗi. Duk kalmar da ke da k, d ko b ka ɗan dakata a kanta ka tambayi kanka ko mai lanƙwasa ake nufi. Jan layin da kake taƙama da shi ba zai taimake ka a nan ba: "dage" kalma ce sahihiya, ga shi kuma idan an saita na'urar da wani harshe, kusan duk Hausarka za ta ja wa layi har ka daina kula.

Kada ka juya tsarin. Karatun baya ba zai taɓa nuna maka "ba" da ta ɓace ba, domin abin da babu shi ba ya tsayawa a gabanka. Shi ya sa nake fara da baki, in gyara jimloli, sannan in bi baya, tunda gyaran ma kan haifar da sabon kuskure. Idan imel ɗin mai tsawo ne, bin kalma-kalma zai gajiyar da kai, sai ka bi jimla-jimla daga ta ƙarshe.

Akwai abin da duka biyun ba sa kamawa. Wannan "12" ɗin, ko ka karanta shi gaba ko baya, daidai zai yi maka kama ko da 21 kake nufi. Lamba, kwanan wata da sunan mutum sai ka gwada su da inda ka samo su. Ka karanta layin Subject shi ma, don mutane na mantawa da shi, ka kuma duba ko rahoton da ka ce ka haɗa yana nan. Ni gurbin To, inda ake sa adireshin wanda za a tura wa, nake bari fanko sai na gama duk wannan, don kada yatsa ya riga ni. Gmail yana da Undo Send, wato damar janye imel bayan ka tura shi, amma iyakarsa daƙiƙa 30, ba za su ishe ka karanta komai ba.