Amsar Malam kan jingar karin magana da waƙar yabo

Tambayar da ɗaliba ta turo a zauren 'yan ajin Hausa:

"Malam, barka da dare. An ba mu jinga mu yi nazarin karin magana da waƙar yabo a matsayin matanin adabi. Na tara karin magana 50 da ma'anoninsu, aka dawo mini da takardar an rubuta wai jeri na yi, ba nazari ba. Don Allah yaya ake yi?"

Ga saƙon muryar da Malam ya turo daga Gombe, an mayar da shi rubutu:

Assalamu alaikum. To, 'yata, na ji, kuma zan amsa a nan zaure don na san sauran 'yan'uwanki ma suna kan wannan aiki. Ki saurara a tsanake.

In aka ba ki littafin ƙagaggen labari, marubuci ya riga ya gama miki matani, sai ki buɗe ki hau nazari. Adabin baka kuwa babu matanin da yake jiran ki. Ke ce za ki samar da shi da kunnenki da alƙalaminki, kuma rabin makin a nan yake. Tara karin magana aiki ne da aka daɗe da yi. Merrick ya fitar da nasa tun 1905, Kirk-Greene ya fitar da guda 500 a 1966. Duk wanda zai duba takardarki ya san waɗannan, don haka 50 ɗin da kika jera ba su ƙara masa komai ba. Abin da yake nema shi ne ki nuna masa karin magana a bakin mutum, a wani wuri, a kan wani al'amari. Guda 5 da kika kama a haka sun ishe ki jinga.

Bari mu ɗauki ɗaya mu bi ta har ƙarshe: "Ba a mugun sarki sai mugun bafade."

Na taɓa jin ta a ƙofar gidan wani dagaci a ƙasar Akko, ana maganar iyakar gona. Wani dattijo ya zo ƙorafi an shigar masa cikin gona, kuma kowa a wurin ya san wani na kusa da dagacin ne ya tsaya wa wanda ya shiga ɗin. Dattijon ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya kawo bayaninsa, sai ya sassauta murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a mugun sarki..." ya yi shiru. Bai ƙarasa ba. Wurin ya yi tsit, wasu suka sunkuyar da kai, dagaci ya ce a je a sake duba iyakar.

To, me za ki rubuta a nan? Da farko ki rubuta abin da ya fito daga bakinsa daidai, wato rabin kawai, ki sa ɗige-ɗige, sannan a ƙasa ki kawo cikakkiyar. Kada ki cike masa, domin rashin ƙarasawar yana cikin matanin. Sai ki rubuta wanda ya faɗa, ba da suna ba: dattijo ne, manomi, talakan dagacin. Wa ya faɗa wa, a gaban su wa, me aka ce kafin nan, me ya biyo baya. Sai wuri da rana.

Yanzu kin sami abin nazari. Ki dubi gininta. Ɓari biyu ne, kuma mai magana yakan ɗan ja numfashi a tsakaninsu. Ɓarin farko yana korewa da "ba a", na biyu yana tabbatarwa da "sai". An maimaita "mugun" a kowane ɓari, saboda haka abin da ya canza kawai shi ne sarki da bafade, kunne kuma dole ya tsaya a kansu. Wannan ginin ne ya ba dattijon damar yin abin da ya yi. Ɓarin da ya furta wanke dagaci ne, kusan yabo. Ɓarin da yake ɗauke da zargi ya bar wa masu sauraro su ƙarasa a zukatansu. Ya kai ƙara, bai kama sunan kowa ba, ba kuma wanda zai ce ya yi rashin ladabi a gaban manya. In kika rubuta wannan a shafi ɗaya, kin yi nazarin adabi, domin kin nuna yadda siga ta haifar da ma'ana.

Kada ki tsaya nan. Ki nemi wannan karin maganar a wani bakin. In bafade ne ya faɗe ta yana dariya, wasa yake da kansa. In makaɗin fada ne ya saka ta a waƙa, sau da yawa habaici ne ga wanda yake tare masa hanyar kyauta. In matasa ne a majalisa suna hirar siyasa, wani zai kawo ta don ya kare shugaban da yake so, wani kuma ya ƙaryata ta gaba ɗaya. Za ki kuma ji wasu suna cewa "babu mugun sarki" maimakon "ba a mugun sarki". Ki rubuta kowace yadda kika ji ta. Ba aikinki ba ne ki yanke hukuncin wacce ce ta asali.

Akwai abin da ɗalibai suke yi da yake ɓata aikin tun daga tushe. Sai a je wurin kaka a ce, "Iya, ba ni karin magana goma." Za ta ba ki, amma za su zo miki tsirara, babu mahallin da aka yi amfani da su. In dole sai ta haka, to ki bi kowace da tambaya: Iya, yaushe kika ji an faɗe ta, wa ya faɗa wa wa, a kan me? Kuma ki bayyana a takardarki cewa tambaya kika yi aka ba ki, ba a cikin zance kika tsinta ba. Mai dubawa yana ganewa ko ba ki faɗa ba, don misalan da aka ƙirƙira duk kamarsu ɗaya, kullum uba ne yake yi wa ɗansa nasiha.

To, sai waƙar yabo. A nan wahalar ta fi yawa, don abubuwa uku ne suke tafiya lokaci guda: muryar jagora, muryar 'yan amshi, da kiɗa. Ki zaɓi waƙa ɗaya, ɗauka ɗaya. Na ce ɗauka ɗaya domin makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Gindin waƙar yana nan, amma ɗiyan, wato baitocinta, suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri gwargwadon wanda yake zaune a wurin. Saboda haka a saman takarda ki faɗi wace ɗauka ce: ta gidan rediyo ce, ko ta wurin hawan salla, ko ke kika ɗauka da wayarki, da tsawonta a mintoci. In ke za ki ɗauka, ki nemi izinin makaɗin da na mai taron tukuna.

Wajen rubutawa, ki saurara sau ɗaya ba tare da alƙalami ba. A na biyu ki rubuta gindin waƙa, shi ne abin da ake ta komawa kansa. Daga nan ki riƙa tsayar da sautin kina rubuta ɗa bayan ɗa, kina sa musu lamba. Ki yanke layi a inda makaɗin ya sauke numfashi, ba a inda nahawu ya ce jimla ta ƙare ba. A gefen hagu ki nuna mai magana, jagora ko 'yan amshi, domin wani lokaci jagora zai fara magana 'yan amshi su ƙarasa masa, kuma ƙarin nasu ne yake ɗauke da zambon. In kika haɗe su wuri ɗaya kin kashe wannan fasahar. Waƙar minti goma tana iya cinye miki yini guda, kada ki ɗauka kin yi jinkiri. Inda ba ki ji kalma ba, ki bar gurbi ki rubuta cewa ba ta fito ba, sannan ki kai wa wani dattijo ya saurara. Kada ki cike da abin da kike zato.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaran harshe. Ɗalibi zai ɗauki waƙar makaɗan ƙasar Zamfara irin su Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, ya ji "shina" ya rubuta "yana", ya ji "ya zaka" ya rubuta "ya zo". Ki ƙirga gaɓoɓin: "zaka" biyu ce, "zo" ɗaya. Kin taɓa ma'aunin layin ke nan, sannan ki dawo kina mamakin me ya sa bai hau kiɗan ba. Haka in makaɗinmu na nan Gombe ko Bauchi ya yi Hausarsa ta gida, ko ya jefa Fulatanci a tsakiyar yabo, ki bar shi yadda ya faɗa, ki yi bayani a ƙasan shafi. Daidaitacciyar Hausa ta sharhinki ce, ba ta bakin makaɗi ba.

Ki kuma rubuta abin da ba kalma ba ne. Wane kayan kiɗa ne, kotso ne, taushi ne, kalangu ne? Ina kiɗa ya yi sauri? Ina maroƙi ya katse da kirari? Ina aka yi guɗa? Musamman ki lura da inda aka miƙa kyauta, domin za ki ga waƙar da take kan asalin ubangida da jaruntar kakanninsa ta juya nan take zuwa godiya ga wani baƙo. Wanda ya karanta kalmomin kawai zai ce makaɗin ya yi ratse babu dalili, alhali dalilin yana cikin filin.

Bayan matani ya tsaya, sai nazari. Ki nemi littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, na 1993, akwai tsarin da yawancin sassan Hausa suke bi: salsalar waƙa, turke wato babban saƙon waƙar, tubalan ginin turke, sai salo. Amma kada ki mayar da shi fom ɗin cikewa. Ganin an ce wa sarki "toron giwa" ki rubuta "siffantawa" ki wuce, wannan ma jeri ne. Ki tambaya: me ya sa giwa a wannan ɗan, wa aka kira da sunan ƙaramar dabba a ɗan da ya biyo baya, kuma me sarki ya samu daga wannan jerantawar? A nan za ki ga yabo da zambo hannu ɗaya ne yake yin su, ana ɗaga ubangida ta hanyar ƙasƙantar da abokin hamayyarsa.

Gargaɗi ɗaya a kan zambo da habaici: ko mutanen gari sun gaya miki da wa ake, kada ki sa sunansa a takarda. Ki ce ɗan sarki ne mai neman sarauta, ko bafade, ya isa. Zuriyarsu suna nan da rai, kuma ba ki da hujja sai ji-ta-ji-ta.

Ki fara da karin magana 5 ɗin nan a wannan makon, ki rubuta guda ɗaya cikakkiya yadda muka yi yanzu, ki turo nan zaure mu duba tare kafin ki shiga waƙar. Allah ya ba da sa'a. Sai da safe.