Zan iya ci gaba da ɗaga ƙarfe da rage teɓa a watan azumi?

Tambaya: Malam, ina da shago a Kantin Kwari, nauyina kilo 88. Wata uku ke nan ina ɗaga ƙarfe da sassafe, sau huɗu a mako, teɓa ta fara sauka. Ga azumi ya matso. Wane lokaci zan koma yin atisaye, kuma yaya zan tsara buɗa-baki da sahur don kada wahalata ta tashi a banza?

Amsa: Malam, atisayen sassafe ka ajiye shi sai bayan Sallah. Azumin Kano yana kaiwa awa 13 zuwa 14, in kuma ya faɗo a Maris ko Afrilu zafi kan kusanci digiri 40. Wanda ya zubar da gumi ƙarfe bakwai na safe, da wannan ƙishirwar zai wuni cikin cunkoson Kwari har magariba.

Lokacin da na fi zaɓar maka shi ne bayan asham. Da an kira magariba, wajen 6:40, ka sha ruwa leda ɗaya, dabino uku, kunun tsamiya kofi guda marar sukari da yawa, da dafaffen ƙwai biyu ko uku. Ka tsaya a nan. Kafin a idar da isha'i da asham cikin ya sassauta, ruwa ya ratsa jiki. Ƙarfe 9 ka shiga atisaye na minti 45, babban abinci kuma ƙarfe 10. Sau uku a mako ya isa. Abin da za ka rage shi ne yawan zagaye, wato inda kake yin huɗu ka koma biyu ko uku, amma nauyin ƙarfen ka bar shi kusan yadda yake, domin nauyin ne ke sa jiki ya riƙe tsoka yayin da abinci ya ragu. A sauran ranakun, tafiyar ƙafa ta minti 30 gab da magariba ba laifi, tunda ruwa na kusa. Gudu a wannan lokacin, a'a. In ka ji jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko zuciya ta ƙi lafawa, ka zauna a inuwa nan take.

Sai dai fa ba a gidan motsa jiki teɓa ke dawowa ba, a faifan shan ruwa take dawowa. Dubi abin da ake jerawa a yawancin gidajenmu: ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, doya, kunun gyaɗa, zoɓo mai zaƙi, ga lemon kwalba. Cokalin man gyaɗa ɗaya babba kalori 120 ne, kuma kusan duk abin da ke faifan ya yi wanka a mai. Lemon roba na rabin lita ya haura kalori 200 shi kaɗai. Cikin rabin awa mutum na iya cinye abin da ya kusan kai na yini guda, sannan ya je asham yana gyangyaɗi. Ka roƙi uwargida a mayar da ƙosai alale, dankali a dafa shi, zoɓo a rage masa sukari. Soyayye kala ɗaya a rana, kaɗan.

Furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, shi ne abin da ya fi yi wa mai azumi wuyar cikawa. Ana so ka samu kimanin giram 1.6 a kowane kilo na nauyinka, wato wajen giram 140 a gare ka. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin kindirmo wajen 8, kofin dafaffen wake wajen 13, tsokar kaza dafaffiya giram 100 kuwa tana ba da kusan 30. Ka ga ƙwan buɗa-baki bai kai ko'ina ba. Don haka abincin ƙarfe 10 ya zama nama ko kifi ko awara ne suka fi yawa, tuwo malmala ɗaya, miyar ganye a wadace. Sahur kuma wake da ƙwai da kindirmo, ko fura da nono ba sukari. Shayi da burodi zalla ba ya kai mutum azahar. Kada ka tsallake sahur da sunan rage ƙiba, da magariba za ka rama har da riba.

Ruwa leda biyar zuwa shida tsakanin magariba da asuba, a rarrabe. Wanda aka ɗura gaba ɗaya a sahur fitsari yake tafiya. In fitsarinka na dare ya yi duhu, ruwan bai isa ba.

Satin farko sikeli zai iya nuna ka sauke kilo ɗaya ko biyu. Yawancinsa ruwa ne, zai dawo. Ka auna sau ɗaya a mako, a lokaci iri ɗaya, ka kuma gwada ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya. Rabin kilo a mako shi ne tafiya mai kyau. In ƙarfen da ka saba ɗagawa ya gagare ka sati biyu a jere, abinci ko barci ne ya gaza. A goman ƙarshe, da tahajjud ke cin dare ga kuma cinikin Sallah a kasuwa, ka koma sau biyu a mako.

In kana shan maganin ciwon sukari ko hawan jini, ko kana da matsalar ƙoda, ka ga likitanka kafin a ga wata, domin lokutan shan magani ma sai an sake musu tsari.